Darasi na 7: Me Ya Sa Muryar Direba Ke Yin Nisa Idan Ya Amsa Waya Ta Sifikar Mota?

Direbobi da yawa sun haɗa wayarsu da mota ta Bluetooth domin hannuwansu su zauna a kan sitiyari. Sai dai wanda ke ɗaya ɓangaren yakan ce: "Ban jin ka sosai, kamar a cikin rijiya kake magana." Direba kuwa yana jin sa tangaram. Mafi yawan lokaci laifin ba na sabis ba ne. Abin da ya kamata a fara dubawa shi ne inda makirufo yake.

Tazarar baki da makirufo

Idan ka kara waya a kunne, tsakanin bakinka da makirufonta bai wuce 'yan santimita ba. A mota kuwa, makirufon yana can kusa da madubin tsakiya ko fitilar rufi, wajen rabin mita daga bakinka. Ƙa'idar sauti ita ce: duk sa'ad da tazara ta ninka biyu, ƙarfin muryar da ke isa makirufo yakan ragu da rabi. Daga santimita 5 zuwa 10 ya ragu da rabi, daga 10 zuwa 20 ya ƙara raguwa da rabi, haka daga 20 zuwa 40. Ke nan a santimita 40, kashi ɗaya cikin takwas ne kawai ya rage.

To, na'urar motar takan ƙara wa wannan 'yar muryar ƙarfi, amma ba ta iya ƙara mata ita kaɗai. Ƙugin inji, ƙarar tayoyi a kan kwalta da hucin fankar sanyaya mota duk tare suke tashi.

Ga kuma gilashi. Muryarka takan bugi gilashin gaba da na ƙofofi, ta dawo makirufo jim kaɗan bayan wadda ta tafi kai tsaye. Idan suka haɗu, wasu sassan sautin sukan kashe juna, wasu su ƙaru. Wannan ne ke sa muryar ta fito fanko, ba cika. Makirufon da ke dab da baki bai damu da wannan ba, domin muryar kai tsaye ta fi mai dawowa ƙarfi nesa ba kusa ba.

Kuskuren da ake yawan yi

Da an ce ba a jin sa, direba sai ya ƙure ƙarar sifika. Wannan ba ya ɗaga muryarsa ko kaɗan, muryar mai kiran yake ɗagawa. Ita kuma sai ta fito daga sifika ta shiga makirufo, tana neman komawa ga mai ita a matsayin amsa-kuwwa. Domin hana haka, na'urar takan danne makirufo duk lokacin da mai kiran yake magana. Shi ya sa idan kuka yi magana tare, farkon kalmominka ke yankewa. Rage ƙarar zuwa inda kake ji ba wahala ya fi amfani.

Misali

A ce direban da ke jigila tsakanin Kano da Zariya ya sayi ƙaramar na'urar nan da ake sokawa a ramin caji kusa da giya. Makirufonta a jikinta yake, can ƙasa, kusan santimita 70 daga bakinsa, kuma shi titi yake kallo, ba giya ba. A cikin gari ana ɗan jin sa. Da ya hau babban titi ya sauke gilashi, shi ke nan. Maganinsa shi ne na'ura mai makirufo na daban, wanda zai maƙala a jikin abin tare rana da ke gabansa, bakin makirufon na kallon fuskarsa. Tazarar za ta dawo kamar santimita 30, ƙarfin muryarsa ya ninka fiye da biyu. Ya kula kada iskar fanka ko ta taga ta riƙa bugun makirufon.

Akwai abin da gyaran wuri ba ya magancewa. Tsofaffin na'urori suna wuce sautin da ke tsakanin 300 zuwa 3,400 Hz ne kawai, wato yawan girgizar sauti a daƙiƙa ɗaya, don haka kaurin murya da kaifin harufa irin su "s" da "f" sukan ɓace. Sababbi suna kaiwa wajen 7,000 Hz, amma sai wayar da motar da layin duk sun iya.

Aikin gwaji

Kada ka yi wannan kana tuƙi. Faka motar, kashe inji, rufe gilasai, ka kira wani ɗan'uwa.

1. Yi magana a zaune yadda ka saba. Sannan ka matso da bakinka kusa da makirufo. Idan muryarka ta fito sarai, tazara ce matsalar.
2. Tayar da inji, kunna fanka har ƙarshe. Idan muryar ta lalace yanzu, hayaniya ce.
3. Idan ɗan'uwan yana jin maganarsa tana dawo masa, rage ƙarar sifika.
4. Kashe Bluetooth ka kara wayar a kunne. Idan har yanzu ba a jin ka da kyau, duba sabis ko makirufon wayar kanta.