Yadda ake kwashe hotuna da saƙonni daga Facebook kafin a rufe asusu har abada

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya nemi kwafin kayansa daga Facebook, ya ga an ce masa buƙatar ta shiga, sai a ranar nan ya danna gogewa. Neman kwafi daban, samunsa a hannu daban. Ka'idar ita ce ba a taɓa maɓallin gogewa sai fayil ɗin ya sauka, an buɗe shi, an ga hotuna da ido.

Kada ka yi aikin a cikin Facebook Lite. Buɗe facebook.com a Chrome, in da hali a kwamfuta. Tunda yawancin wayoyinmu a Damagaram da Faransanci suke, ga hanyar yadda take a allo: Paramètres et confidentialité, sai Paramètres, sai Espace Comptes, sai Vos informations et autorisations. A nan za ka ga Exporter vos informations, ko Télécharger vos informations a tsohon tsari. Zaɓi asusunka, ka ce a sauke maka a kan na'urarka.

Daga nan ne ake yin ɓarna, domin akwai zaɓi uku da hannu ke wucewa da sauri. Na farko shi ne Période, wato tsawon lokacin da za a kwaso. Sau da yawa yana zuwa a saite kan shekara guda da ta wuce kawai. A ce wani tela a Zango ya buɗe asusunsa a 2014, yana ɗora hotunan ɗinkin da ya yi, da na hawan Salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, da na sunan ƴaƴansa. In bai sauya Période ya maida shi tun daga farko ba, fayil zai zo lafiya lau, ya buɗe ba matsala, amma na watanni 12 ne kawai a ciki. Babu wani gargaɗi da zai fito. Sai bayan asusu ya tafi zai nemi hoton 2016 ya rasa. Alamar da ke tona wannan kuskure ita ce nauyin fayil: asusun da ya shekara goma cike da hotuna, in ya zo da ƴan mega kaɗan, to akwai abin da aka bari a baya.

Na biyu shi ne Format. Zaɓi HTML, kada ka saurari mai ce maka JSON ya fi. JSON na masu shirya manhaja ne, in ka buɗe shi rubutu ne cunkushe da alamomi. HTML kuwa yana buɗewa kamar shafi, ka karanta hira da sunan mai magana da kwanan wata, ko babu rezo. Na uku ingancin hotuna da bidiyo: ɗauki mafi girma. Zai ci forfe, amma sau ɗaya ake yin wannan aiki. Ka dai sani Facebook ya riga ya matse hoton tun ranar da aka ɗora shi, saboda haka in asalinsa yana cikin tsohuwar waya, wancan ya fi kyau, kada ka jefar da ita.

Bayan ka aika buƙatar sai jira. Wani asusun awa kaɗan, wani kwanaki. Sanarwa za ta zo a Facebook da imel, kuma daga ranar da fayil ya kammala kwana 4 kawai yake zama, sannan ya ɓace sai an sake nema. Don haka kada ka nemi kwafi ana gobe za ka yi tafiya ƙauyen da rezo ba ya kai wa. A tanadi kalmar sirri kuma, domin sai an rubuta ta kafin saukewa ta fara. Wanda ya shekara yana shiga ba tare da rubuta ta ba ya gwada ta tun yau, ya tabbata lambar wayar da ke kan asusun tana hannunsa har yanzu.

Mu koma kan telan nan. A ce kayansa sun kai jiga 3. In rezo na tafiya da megabit ɗaya a daƙiƙa, saukewar za ta ci kusan awa 7, kuma in ta yanke a tsakiya sau da yawa daga farko ake komawa. Shi ya sa dare ya fi, waya a cike da caji, ko a nemi wifi mai ƙarfi. Wayar kuma tana buƙatar fili ninki biyu, jiga 6, domin fayil ɗin ZIP ne, in an warware shi sai ya sake cin wuri kamar nauyinsa. In rezo ya ƙi, a raba buƙatar: 2014 zuwa 2018 daban, 2019 zuwa yau daban, ko saƙonni daban, hotuna daban. Babban asusu ma Facebook da kansa yakan raba shi kashi-kashi, kowane kashi da maɓallinsa, sai an sauke duka. Mai zuwa sibar ya tafi da kilensa, ya goge fayil ɗin daga kwamfutarsu har cikin kwandon shara, ya fita daga asusun kafin ya tashi, domin hirarsa ta sirri tana ciki a buɗe, ba makulli.

Saƙonni suna da nasu tarko. Tun Disamba 2023 Messenger ya fara kulle hirar mutum biyu ta yadda kamfanin kansa ba ya iya karantawa, kuma irin wannan hira ba ta zuwa cikin babban fayil. Ana sauke ta daban, a kwamfuta, daga saitin sirri na Messenger, wurin ajiyar saƙonnin da aka kulle, kuma za a iya tambayarka lambar PIN mai lamba 6 da ka sa tun farko. Ga tela, nan ne awon masu ɗinki da lissafin bashi suke. Wanda ya ga tsofaffin saƙonni sun zo amma na kwanan nan babu, wannan ne dalili.

In komai ya sauka, warware ZIP ɗin da Files by Google ko a kwamfuta, ka buɗe start_here.html, ko index.html in tsohon tsari ne. Duba abu uku: hoto mafi tsufa da ka tuna, hira ta makon jiya, wadda in kullalliya ce tana cikin fayil ɗin da ka sauke daban, da bidiyo guda ka kunna shi har ƙarshe. Kada ka fitar da fayiloli daga dosiyensu ko ka sauya musu suna, in ka yi haka shafin zai buɗe amma gurbin hotuna fayau. Hotunan da wasu suka ɗora suka maƙala sunanka ba sa cikin kwafin, nasu ne, sai ka bi su ɗaya-ɗaya ka ajiye da hannu. Sannan kwafi biyu a wuri biyu, kile da karti memwar ko Google Drive mai jiga 15 kyauta, don karti mai arha yakan mutu ba sallama.

Kafin gogewa, in kai kaɗai ke riƙe da shafin shago, ba wani amintacce cikakken iko, in ba haka ba shafin zai tafi tare da asusun. Manhajojin da kake shiga da Facebook ma a sauya musu hanyar shiga. Gogewar tana Espace Comptes, ƙarƙashin Propriété et contrôle du compte, sai Désactivation ou suppression. Ana ba da kwana 30 da za ka iya shiga ka soke, bayan su babu dawowa. Saƙonnin da ka aika wa mutane kuwa suna nan a wurinsu, gogewarka ba ta share su.