Yadda ake gano ko kuɗi zai yanke wa kasuwancin da ke cin riba

Riba da kuɗi a hannu lissafi biyu ne daban, kuma abin da ya raba su shi ne lokaci. A tsarin lissafin da akantoci ke bi, ana rubuta ciniki ranar da kaya ya koma hannun mai saye, ko ya biya ko bai biya ba. Albashi kuwa, da haya, da bashin mai kawo kaya, ba a biyan su da abin da ke rubuce a littafi, sai da abin da ke cikin asusu ranar da wa'adi ya cika. Shi ya sa kamfani kan rufe wata da riba, amma ya rasa na biyan ma'aikata. Ga yadda ake hango wannan tun da sauran lokaci.

Da farko, auna kwanaki uku

Ɗauki mai sayar da kaya a sari wanda ke cinikin 1,000,000 a wata, ko da wane irin kuɗi yake lissafi. Kayan da ya sayar sun tsaya masa a 700,000, albashi da haya da kuɗin ruwan bashi suna cin 200,000. Ribarsa 100,000 ke nan duk wata.

Yanzu ka nemo kwanaki nawa kaya ke yi a sito kafin a sayar, kwanaki nawa kwastomomi ke yi kafin su biya, da kwanaki nawa mai kawo kaya ke ɗaga maka. Kada ka ɗauko su daga yarjejeniya, domin takarda za ta ce wata ɗaya, mutane su biya a wata biyu. Ka raba jimillar bashin da kake bi da cinikin wata, ka ninka da 30, ka sami ainihin kwanakin. Haka ake yi wa kayan sito da bashin da ake bin ka, sai dai su da kuɗin sayen kaya ake rabawa, ba da kuɗin ciniki ba.

A misalinmu kaya na kwana 45 a sito, kwastomomi na biya bayan kwana 60, mai kawo kaya na karɓar nasa bayan kwana 30. Haɗa 45 da 60, cire 30, ya rage 75. Wato daga ranar da ya biya kuɗin kaya zuwa ranar da kuɗin zai dawo masa, wata biyu da rabi ne, kuma shi ke ɗauke da nauyin wannan tazarar.

Sai ka mayar da kwanakin kuɗi

Kayan wata ɗaya da rabi a sito sun kai 1,050,000. Cinikin wata biyu a hannun kwastomomi 2,000,000 ne. Cire 700,000 da mai kawo kaya ke bin sa, sai ka ga 2,350,000 a ɗaure. Kuɗinsa ne, ba wanda ya sace, amma ba zai iya taɓa su ba. Muddin ciniki na tsaye wuri ɗaya, adadin ma yana tsaye, ba ya damun kowa.

Matsalar tana tasowa ne idan kasuwa ta buɗe, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. A ce ciniki ya tashi zuwa 1,200,000 a wata. Idan sauran kashe-kashe ba su ƙaru ba, riba ta koma 160,000. Amma dole ya ƙara kayan 210,000 a sito, bashin da yake bi ya ƙaru da 400,000, mai kawo kaya kuma ya rage masa nauyin 140,000 kawai. Ƙarin da aka ɗaure ya zama 470,000, kusan ribar wata uku cif. Gwargwadon saurin bunƙasar ciniki, gwargwadon zurfin ramin.

Ƙara abin da lissafin riba ba ya nunawa

Akwai kuɗin da ke fita daga asusu ba tare da sun rage riba ba. Uwar kuɗin bashin banki na cikinsu, domin kuɗin ruwa kaɗai ake cirewa daga riba. Haka abin da mai kasuwanci ke ɗiba don hidimar gidansa. Haka kuma inji ko mota: an biya gaba ɗaya yau, amma littafi zai rarraba kuɗin a kan shekarun da za a yi ana amfani da su.

Mutuminmu yana biyan uwar kuɗi 80,000 a wata, yana ɗibar 50,000, kuma ya shiga wannan zango da 300,000 a banki. A wata uku ya ci ribar 480,000. Amma 470,000 sun ɗaure, 240,000 sun tafi banki, 150,000 sun tafi gida. Haɗa 300,000 da 480,000, cire 860,000: saura giɓin 80,000, a watanni ukun da ya fi cin riba.

Zana jadawalin mako 13

Lissafin wata-wata yana ɓoye abu, domin wata na iya ƙarewa lafiya alhali an ƙafe a mako na biyu. Saboda haka ka yi layi goma sha uku, kowane mako da nasa. A kowane layi ka rubuta kuɗin da aka wayi gari da su, abin da zai shigo, abin da zai fita, da abin da ya rage, wanda shi ne mafarin mako na gaba. Kowane kwastoma ka sa shi a makon da ya saba biya, ba makon da ya yi alkawari ba. Wanda kake shakkarsa ka bar shi waje. Kada ka manta da masu zuwa jefi-jefi, irin haraji da inshora da hayar shekara. Duk ƙarshen mako ka gwada hasashe da abin da ya faru, ka gyara, ka ƙara mako ɗaya a gaba. Layin da ya fi kowanne ƙasa shi ne abin dubawa: shi zai gaya maka nawa kake bukata, da ranar da kake bukatarsa.

Sannan ka zaɓi inda za ka matsa

Mafi nauyi a misalin nan shi ne bashin kwastomomi. Da cinikin 1,200,000, kowace rana ɗaya ta jinkiri tana riƙe 40,000. Idan aka sauko daga kwana 60 zuwa 50, an kwance 400,000 ba tare da an ƙara sayar da komai ba. Hanyar ba ta da wani asiri: a aika takardar neman biya ranar da aka kai kaya, a tuna wa mutum kafin wa'adi ya cika, a daina ba da sabon kaya ga wanda tsohon bashinsa ya wuce lokaci, a karɓi kafin alƙalami a kan manyan oda.

Rangwame don a biya da wuri yana aiki, sai dai yana da tsada fiye da yadda ake zato. Sauke kashi 2 cikin ɗari don a biya wata ɗaya kafin lokaci daidai yake da cin bashi a kan kusan kashi 25 a shekara, don haka a gwada shi da abin da banki zai caja tukuna. Neman ƙarin kwanaki daga mai kawo kaya ya fi sauƙi idan an yi maganar kafin ranar biya. Idan kuma duk an yi waɗannan jadawalin bai daina nuna giɓi ba, to ko dai a nemi rancen da zai cike shi tun makonni kafin a iso wurin, ko a ƙi karɓar wata babbar oda ta bashi har sai kuɗin na baya sun shigo.