HND ɗinka da tasu ba ɗaya ba ce: gyaran CV ga mai neman aiki a Birtaniya

Wani ƙanen abokina ya iso Birmingham, ya yi wata huɗu yana tura takardar neman aiki ba a kira shi intabiyu ko sau ɗaya ba. Yaro ne mai ƙoƙari. Yana da babbar difloma, wato HND, a fannin akanta daga Kaduna Polytechnic, ya yi bautar ƙasa, sannan ya yi shekara shida a sashen kuɗi na wata ma'aikatar jiha. Da ya kawo mini CV ɗinsa na duba, sai na ga babu ƙarya ko ɗaya a ciki, amma an rubuta ta ne don wanda ya san Najeriya. Mai karantawa a nan kuwa bai taɓa jin matakin albashi na 9 ba, kuma ba zai bar sauran takardun da ke gabansa ya tafi bincike ba.

Mun fara da karatun, domin nan tarkon ya fi ɓoyuwa. Birtaniya ma tana da takarda mai suna HND, amma tasu karatun shekara biyu ne, tana mataki na 5 a tsarinsu, digirin farko kuma yana mataki na 6. Tamu hanyarta daban: shekara biyu na ƙaramar difloma, shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan wasu shekaru biyu na babbar difloma. Idan ka rubuta harufan nan uku kawai ka yi shiru, mai ɗaukar aiki zai auna ka da mudunsu, ya ɗauka shekara biyu ka yi a aji alhali huɗu ka yi. Wasu, don gudun haka, sai su goge sunan su rubuta BSc. Kada ka yi. Ranar da aka ce ka kawo takardar asali za a ga saɓani, kuma a nan ana iya janye tayin aiki ko a sallami mutum kan wannan, ko da ya riga ya fara aikin.

Abin da muka yi shi ne barin sunan yadda yake a jikin takardar, muka ƙara layi guda na bayani a ƙasa:

```
Higher National Diploma in Accountancy, Upper Credit
Kaduna Polytechnic, Nigeria
Four years' full-time study plus one year's industrial placement
```

Bayan haka ya nemi takardar kwatanci daga UK ENIC, hukumar da ke auna takardun karatu na ƙasashen waje da tsarin Birtaniya. Har zuwa 2021 sunanta UK NARIC, shi ya sa za ka ji waɗanda suka daɗe a nan suna kiranta haka. Ana biyan kuɗi, a ɗora hoton takardar shaida da takardar sakamakon darussa a shafinsu, su ba ka abin da suke kira Statement of Comparability. Duk matakin da suka rubuta, shi za ka kwafa kalma da kalma, ko ya yi maka daɗi ko bai yi ba. Ka haɗa da sakamakon WAEC ko NECO, domin ayyukan ofis da yawa suna neman shaidar Turanci da lissafi a matakin GCSE, wato jarrabawarsu ta sakandare, kuma abin takaici ne mai babbar difloma ya faɗi a wannan ƙaramar ƙofa. Wanda bai taso daga gida ba tukuna, ya karɓo takardar sakamakon darussansa tun yana kusa da makarantar; nemanta daga nesa na iya cin watanni.

'Yan'uwanmu na Nijar suna da nasu tarkon. Baccalauréat ba Bachelor ba ce duk da kamannin suna, takardar gama sakandare ce. Licence ita ce digirin farko. A bar sunayen da Faransanci, a yi bayani a ƙasa, a kuma tanadi fassarar da ƙwararren mai fassara ya sa wa hannu.

Muƙamin aiki shi ya fi cin mana lokaci. Ya rubuta Senior Executive Officer, Accounts, da matakin albashinsa, sai jerin kalmomi irin su riƙon amana da aiki tuƙuru. A gida wannan muƙami na nuna inda mutum ya kai a tsanin aikin gwamnati, amma bai faɗi abin da hannunsa ke yi ba. Na ce masa, "Malam, bar muƙamin, faɗa mini me kake yi daga ranar 20 ga wata zuwa ranar da albashi ya shiga." Nan ya buɗe baki. Shi ke haɗa jadawalin albashin ma'aikata wajen 300 a Excel, ya cire haraji da kuɗin fansho, ya shirya baucocin biyan 'yan kwangila, ya daidaita littafin kuɗi da takardar banki a ƙarshen kowane wata, ya kuma amsa tambayoyin masu binciken kuɗi idan sun zo. Ƙananan ma'aikata biyu ne a ƙarƙashinsa. Duk wannan babu ko ɗaya a takardar.

Sai muka buɗe tallace-tallacen aiki guda goma, muka duba sunan da suke ba mai irin wannan aiki. Payroll Officer da Accounts Assistant suka fi yawa. Muka bar muƙaminsa na asali, domin shi tsohon ofishinsa zai tabbatar idan aka tuntuɓe su, muka ɗora bayanin a gefe, muka cire matakin albashi gaba ɗaya:

```
Senior Executive Officer, Accounts - payroll and payables role
Ran monthly payroll for about 300 staff
Prepared monthly bank reconciliations
Supervised two accounts clerks
```

Ya ɗan ji zafi, yana ganin kamar an sauke shi daga babban jami'i zuwa mataimaki. Na fahimce shi. Amma waɗannan kalmomin ne mai ɗaukar aiki ke lalube idan yana tace ɗaruruwan takardu a kwamfuta, kuma ma'aikata biyun da ya shugabanta suna nan a rubuce, za su yi masa magana.

Bautar ƙasa ma haka muka yi mata. NYSC kaɗai ba ta gaya wa Bature komai, wani ma zai ɗauka aikin soja ne. Muka mayar da ita sashen ƙwarewar aiki, muka rubuta cewa hidimar ƙasa ce ta shekara guda da doka ta wajabta wa waɗanda suka gama karatu, sannan aikin da ya yi: koyar da lissafi a makarantar sakandare.

Akwai inda wannan dabara ta neman suna mafi kusa take da iyaka, kuma ina roƙon ma'aikatan lafiya su kula. Wadda ta yi CHEW, wato karatun ma'aikatan lafiyar al'umma, ta san abubuwa da yawa, wataƙila ita kaɗai ke riƙe da asibitin ƙauye, tana allurar rigakafi tana awon ciki, kowa na kiranta nas. A Birtaniya laifi ne mutum ya kira kansa Registered Nurse ba tare da rajistar NMC ba, wato hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista a nan. Ta rubuta cikakken sunan takardarta, ta jera ayyukan da ta yi, ta nemi gurabe irin su Healthcare Assistant. Shi ma akanta kada ya sa Chartered sai in wata ƙungiyar ƙwararru ta ba shi.

Sauran gyaran bai ɗau minti goma ba. Muka cire hoto, ranar haihuwa, jihar asali, ƙaramar hukuma, addini da batun aure, domin dokar daidaito ta 2010 ta hana a yi wa mai neman aiki wariya kan shekaru ko addini ko ƙabila, kuma ma'aikatu ba sa son ganin waɗannan. Shafi huɗu ya koma biyu. Kafin ya tashi na sa ya buga wa tsohon shugabansa waya, ya nemi adireshin imel na ofis, ya kuma karanta masa muƙamin da watannin farawa da barin aiki yadda muka rubuta su, don amsar da za ta zo daga can ta yi daidai da takardar.