Yadda Ake Kai 'Yan Firamare Gidan Makama Su Koyi Lura da Tambaya

Gidan Makama, gidan adana kayan tarihi da ke Kano, wanda ake dangantawa da Muhammadu Rumfa tun kafin ya hau sarauta a 1463, ya tara kayan da yaro ɗan aji uku ba zai iya haɗiye su a yini ɗaya ba. Don haka malam ya fara zuwa shi kaɗai, ya nemi izinin ma'aikata, ya zaɓi abu uku kacal. Ni nakan ɗauki tsohon ƙyauren ƙofar gari, da kayan yaƙi, da kayan ɗakin amarya.

Ranar tafiya a raba yara shida-shida, kowane rukuni da babba ɗaya. Kowa ya riƙe fensir da farar takarda da kwalin da zai ɗora ta. A bar biro a gida, don tawada ba ta fita idan ta taɓa kayan tarihi.

Da an isa gaban ƙyauren, a roƙi jagora ya dakata da bayani. Yara su yi shiru minti ɗaya suna kallo, hannu a baya. Sannan kowa ya faɗi abu ɗaya da idonsa ya gani, ban da wanda aka riga aka faɗa. Na farko zai ce ƙarfe, na biyu tsatsa. Kafin a kai na shida dole a matso a duba ƙusoshi da inda aka haɗa falle da falle.

A nan aikin yake. Wani zai ce, "Malam, an yi yaƙi da shi." Wannan zato ne, ba gani ba. Kada a ce ya yi kuskure, a tambaye shi, "Me ka gani da ya sa ka ce haka?" In ya nuna wata lotsawa, ya kawo hujja ke nan, in ya yi zuru, a ba shi lokaci ya sake dubawa.

Sai zane na minti goma. A gaya musu ba gasar kyau ake ba, kuma ɓangare ɗaya kawai za a zana, kamar jerin ƙusoshi. Mai zanen da bai ɗago kai ba, ƙofar gidansu yake zanawa. Za ka gane shi da makulli da mariƙi da ya ƙara. A sa shi ya ƙirga ƙusoshin layi ɗaya.

A ƙasan zanen kowa ya rubuta tambaya ɗaya, ko ya faɗa a rubuta masa. Yanzu ne za a kira jagora ya amsa, su kuma su tashi zuwa abu na biyu kafin rana ta yi zafi.