Babi na Bakwai: Nuna Hotunan Waya a Talabijin

Iyayena da yayyena, a wannan babi za mu koyi yadda ake sa hoton da ke cikin waya ya fito a talabijin, mutanen gida su gani tare, ba sai ana miƙa waya hannu-hannu ba. Ba a buƙatar igiya ko ɗaya. Abubuwa uku ake nema: waya mai taɓawa, talabijin mai shiga intanet, da waifai na gida, wato 'yar na'urar nan da ke raba intanet, ko ta jikin bango ce ko ta aljihu mai batir.

Ku fara duba talabijin ɗinku. Ba kowace mai faɗin fuska ce ke wannan aiki ba. In kun kunna ta kuka ga tana da YouTube a cikinta, kuma a wurin saitinta akwai Network ko Wi-Fi, to ita ce. In babu, wannan darasi ba zai yi a kanta ba, kuma ba laifinku ba ne.

Kalmomin Turancin da za ku gani a nan, na rubuta su yadda suke a fuskar na'ura. Ba dole ku iya faɗarsu ba. Ku riƙa kwatanta harafi da harafi, kamar yadda muka yi a darasin baƙaƙe.

Darasi na 1: Waifai ɗaya

Ku zauna da kyau, a nan aikin yake. Waya da talabijin dole su kasance a kan waifai ɗaya. Dalili kuwa, waya tana neman talabijin ne a cikin waifai ɗin da ita take kai. In talabijin tana kan wani daban, waya za ta yi ta nema ba ta gan ta ba. Kamar mutum biyu ne suka yi alkawarin haɗuwa a kasuwa, ɗaya ya tafi ta Jega, ɗaya ya tafi ta Argungu. Kowa yana kasuwa, amma ba za su haɗu ba.

Kowane waifai yana da suna. Yawanci an rubuta sunan da lambar sirrinsa a wata 'yar takarda da ke manne a ƙasan na'urar ko a bayanta. A ta aljihu, wani lokaci sai an buɗe murfin batir ake gani. Inda aka rubuta SSID ko Wi-Fi Name, shi ne sunan. Inda aka rubuta Password ko Key, ita ce lambar sirri. Ku ɗauki biro ku kwafe su biyun a littafinku yanzu. Babban harafi ku rubuta shi babba, ƙarami ku rubuta shi ƙarami, domin na'ura ba ta ɗaukar A da a a matsayin abu ɗaya.

Sai ku ɗauki rimot. Ku danna maɓallin da ke da hoton ƙafar inji mai haƙora, ko ku nemi Settings. Ku shiga Network. Jerin sunaye zai fito, har da na maƙwabta. Ku zaɓi wanda ke littafinku, ku sa lambar sirri da kibiyoyin rimot, harafi ɗaya bayan ɗaya, kuna danna OK. Wannan yana ɗaukar lokaci, kada ku ji kunya. In kun ga Connected, talabijin ta hau.

Yanzu waya. Ku sa yatsa a can saman fuskarta ku jawo ƙasa. Za ku ga alamar waifai, wasu layuka masu lanƙwasa da ɗigo a ƙasansu. Ku danna ta ku riƙe har jerin sunaye ya buɗe. Ku zaɓi sunan da ke littafinku, ku sa lambar sirri.

Kada ku wuce tukuna. Ku dubi sunan da ke talabijin. Ku dubi sunan da ke waya. Ku ɗora yatsa a littafi ku bi harafi-harafi har ƙarshe. Iri ɗaya ne? Na ce har ƙarshe, domin na'urorin kamfani ɗaya sunayensu kan fara iri ɗaya, sai a haruffa ko lambobin ƙarshe suke rabuwa. Naku da na maƙwabcinku za su iya bambanta da lamba ɗaya tak.

Ga abin da ya fi kayar da ɗalibai. Mutum ya ga WhatsApp yana aiki, sai ya ce ai yana kan waifai. Ba haka ba ne. Waya tana iya shiga intanet da datar layinta, ba ta taɓa waifai ba. In a saman fuskarta 4G ko LTE kawai kuke gani, babu alamar layukan nan masu lanƙwasa, to datar layi ce, kuma talabijin ba ta can. A lokacin koyo, ku kashe datar layi gaba ɗaya don kada ta ruɗe ku.

In jerin ya nuna suna mai Guest a ƙarshensa, ku bar shi. Na baƙi ne, kuma galibi an yi shi ne yadda na'urorin da ke kansa ba za su ga juna ba.

Wasu za su ce, ai ɗana ya haɗa tasa ba tare da wannan wahala ba. Gaskiya ne, akwai waya da talabijin da ke iya haɗuwa kai tsaye tsakaninsu. Amma ba kowace ba, kuma ba za ku gane wace iri kuke da ita da ido ba. Ku bi hanyar da na nuna, ku sa su a waifai ɗaya.

Darasi na 2: Neman maɓallin

A waya akwai maɓallin da ke tura abin da ke fuskarta zuwa talabijin, kuma kowane kamfani da sunan da ya ba wannan maɓalli. A Samsung sunansa Smart View. A Tecno, Infinix, itel da Redmi galibi Cast ne, ko Screen Cast. A iPhone kuwa Screen Mirroring, shi kuma sai talabijin mai AirPlay yake kamawa.

Ku jawo saman fuskar waya ƙasa sau biyu, don dukan maɓallan su bayyana. In ba ku gan shi ba, ku ja gefe, akwai shafi na biyu. In har yanzu babu, ku shiga Settings, ku rubuta Cast a wurin nema da ke sama.

Wasu talabijin sai an buɗe musu ƙofa da rimot kafin waya ta gan su. A LG ku nemi Screen Share. A Hisense ku nemi Screen Sharing, a tsofaffinta kuma Anyview Cast. Ku buɗe ku bar shi a buɗe.

Kafin ku danna maɓallin waya, tambaya ɗaya: sunan waifai iri ɗaya ne a waya da talabijin? Ku sake dubawa. To, yanzu ku danna. Ku jira, kada ku yi ta dannawa. Sunan talabijin zai fito a waya, sai ku taɓa shi. Ku ɗaga kai ku dubi talabijin, domin sau da yawa tana neman izini a karon farko. Za ku ga Allow da Deny. Allow shi ne yarda, shi za ku zaɓa da rimot. Deny ƙi ne, kuma wasu talabijin suna riƙe wannan ƙin, sai an shiga jerin na'urori a saitinsu an sake ba wayar izini. Saboda haka ku karanta kafin ku danna OK.

Yanzu duk abin da ke fuskar waya yana talabijin. Ku buɗe Gallery ko Photos ku taɓa hoto. Madalla, kun iya.

Wata Hajiya daga ajinmu na nan Birnin Kebbi ta zo tana cewa talabijin ɗinta ta lalace. Tana so surukarta ta ga hotunan sunan jika, kuma jiya ta yi, yau ta ƙi. Na ce, Hajiya, me ya faru tsakanin jiya da yau? Ta ce ba komai, Malam, wuta kawai aka ɗauke da dare. Na ce ta duba saman wayarta, sai ga 4G. Da wuta ta ɗauke, na'urar waifai ta mutu, waya ta koma datar layi. Da aka kawo wuta aka kunna talabijin nan take, ita kuwa na'urar waifai tana ɗaukar minti ɗaya ko biyu kafin ta gama tashi. Wani yaro kuma ya kashe waifai ɗin wayar don batir. Da ta koma gida ta jira fitilun na'urar suka tsaya, ta kunna waifai a waya, ta kwatanta sunayen biyu, sai sunan talabijin ya fito. Ba abin da ya lalace.

Na faɗi wannan a aji har muryata ta dushe, amma mako-mako sai wani ya zo ya ce ta ƙi, in na tambaye shi ko ya kwatanta sunayen sai ya yi shiru. Haba jama'a! Ku ne kuke lissafin buhunan shinkafa da ka ba ku kuskure ba. Suna biyu ne kawai. Wanda bai rubuta sunan waifai a littafinsa ba, kada ya kawo mini ƙarar talabijin. Kuma ku daina miƙa wa jikoki waya su yi muku, ranar da suka tafi makaranta wa zai yi?

Darasi na 3: Hoton ya cika fuska

In hoto ya fito siriri a tsakiya, gefe da gefe baƙi, ku kunna Auto-rotate a saman waya, ku kwantar da wayar a gicciye. Hoton da aka ɗauka a kwance zai cika talabijin. Wanda aka ɗauka a tsaye ba zai cika ba, haka yake.

In hoto yana tsayawa ko yana zuwa a makare, ku matso kusa da na'urar waifai. Katanga tana rage ƙarfinsa. Wannan aiki yana cin batir, ku sa caji in za ku daɗe. Hotunan da ke ajiye a cikin wayar ba sa cin data wajen nunawa, domin daga waya zuwa talabijin kawai suke tafiya.

Darasi na 4: Sirri

Duk saƙon da ya shigo waya, mutanen falo za su iya ganin sa a talabijin, har na banki. Ku kunna Do Not Disturb kafin ku fara. Ku ware hotunan da za ku nuna tun da wuri.

Darasi na 5: Kashewa

Ku koma maɓallin da kuka danna da farko, ku taɓa Disconnect ko Stop.

Aikin gida

Ku nuna hoto uku a talabijin. Ku kashe waifai ɗin waya ku gwada, ku ga abin da zai faru, sannan ku kunna ku sake. Ranar Asabar kowa ya zo da littafinsa, da sunan waifai a rubuce.