Yadda na sabunta tsohon karosal a Instagram

Karosal ne, wato jerin hotuna da ake ja ɗaya bayan ɗaya, mai shafi bakwai kan yadda ake gane atamfa ta gaske, wanda aka fi ajiyewa a dandalinmu watanni takwas da suka wuce. Da muka canza launi muka sake ɗora shi, sai ya mutu. Masu bibiya sun gane shi tun daga shafin farko, domin kan magana da hoton ba su canza ba, suka wuce ba su ja ba.

Da na duba Insights na tsohon, wato alƙaluman da Instagram ke nunawa a kansa, na ga yawan ajiyewa ya fi yawan turawa, kuma kusan duk tambayoyin mutane a kan shafi na biyar ne, inda aka nuna yadda ake duba bayan atamfa a ga ko zanen ya fito daidai da na gaba. Wannan ne ya ɗauki karosal ɗin, sauran shafukan rakiya ne kawai.

Sai na ɗauko shafi na biyar ɗin na mai da shi shafin farko, da sabon hoto na kusa, hannu riƙe da gefen atamfar. Shafi na biyu ma na yi shi yadda zai tsaya da kansa, saboda Instagram kan sake nuna karosal daga can ga wanda ya wuce na farko. Na zubar da shafi uku, na cike gurbin biyu da amsar tambayoyin da aka yi. Girman kuma na mai da shi 1080×1350, tsohon murabba'i ne.

Tsohon ban goge shi ba, na kai shi Archive, inda yake a ɓoye, don kada shi da sabon su jeru a dandalin.