Yadda ake amsa tambayar iyayen miya biyar da hanyoyin kaurara su a jarrabawar girki

Ɗalibin da ke karatun girkin otal da wuya ya zauna jarrabawar rubutu bai haɗu da tambaya a kan iyayen miya na girkin Faransa ba. Ana kiransu iyaye ne saboda daga kowace ɗaya ake fitar da wasu miyoyi da yawa ta hanyar ƙara mata wani abu. Marie-Antoine Carême, shahararren mai girkin Faransa da ya rasu a 1833, shi ya fara kasa su gida huɗu, sannan daga aikin Auguste Escoffier, wanda babban littafinsa ya fito a 1903, aka samo jerin biyar ɗin da ake koyarwa yau: beshamel, belute, esfanyol, miyar tumatir da holandes. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗalibi ya haddace sunayen nan biyar ya tsaya, alhali abin da mai duba takarda yake nema shi ne, a kowace miya, wane ruwa aka yi amfani da shi, kuma mene ne ya ba ta kauri.

Mataki na farko shi ne ka fahimci ru, domin miyoyi uku daga cikin biyar a kansa suke tsaye. Ru ba komai ba ne illa bota da fulawa masu nauyi ɗaya da aka soya tare a wuta kaɗan. A rubuta “nauyi ɗaya”, kada a rubuta “cokali ɗaya”, domin cokalin fulawa bai kai cokalin bota nauyi ba. Aikin botar shi ne ta lulluɓe ƙwayoyin sitacin fulawa ta raba su da juna, ta yadda idan ruwa ya shiga kowace ƙwaya za ta sha nata. Daga wajen digiri 60 na ma'aunin Salshiyas ƙwayoyin suke fara kumbura, kuma kaurin ba ya cika sai miyar ta kusa tafasa. Duk wanda ya taɓa dama kunu ya ga wannan da idonsa, ya kuma san gudaji, wato dunƙulen da bayansa ya dahu cikinsa yana nan gari.

Ru kala uku ne, kuma tsawon suyarsa ne ya bambanta su. Fari ana soya shi minti biyu zuwa uku kawai, don ɗanyen warin fulawa ya fita ba tare da launi ya sauya ba, shi ake zuba wa madara a sami beshamel. Na biyu ana barinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa kamar rairayi, a zuba masa farin romo na kaza ko ɗan maraƙi ko kifi, a sami belute. Na uku ana soya shi a hankali har ya yi ja sosai, a haɗa shi da romon ƙasusuwan da aka gasa, da albasa da karas da seleri da aka soya, da ɗan tumatir, a sami esfanyol. A nan akwai maki da ɗalibai suke bari a ƙasa: gwargwadon yadda ru ya yi duhu, haka ƙarfin kaurinsa yake raguwa, saboda zafi yana farfasa sitacin. Saboda haka lita ɗaya ta esfanyol tana buƙatar ru fiye da lita ɗaya ta beshamel kafin su yi kauri iri ɗaya.

Mataki na biyu shi ne ka iya rubuta girki ɗaya daga farko zuwa ƙarshe da ma'auninsa. A ce an tambaye ka yadda ake yin lita ɗaya ta beshamel mai kaurin lulluɓe abinci. Sai ka fara da kayan haɗi: madara lita 1, bota giram 100, fulawa giram 100, albasa ɗaya da aka soka mata kanumfari, da ganyen bay. Ka ɗumama madarar da albasar a cikinta. A wata tukunya mai kaurin gindi ka narka bota, ka zuba fulawa, ka juya da cokalin katako na minti biyu zuwa uku, ka sauke ya ɗan huce. Daga nan ka riƙa zuba madarar kaɗan-kaɗan, kana bugawa har ta yi sumul kafin ka ƙara wata. Idan ta tafasa ka rage wuta ta yi ta dahuwa a hankali kamar minti 20 zuwa 30, ka cire albasar, ka sa gishiri, ka tace. Alamar ta yi ita ce ta lulluɓe bayan cokali, idan ka ja yatsa a kai layin ya tsaya. Idan ta zubawa ake so mai ruwa-ruwa, sai a raba botar da fulawar biyu, giram 50 kowanne.

Sau da yawa tambayar takan ci gaba da neman matsaloli da dalilansu. Gudaji yana zuwa ne idan an zuba madara da yawa lokaci ɗaya ko ba a juya sosai ba, maganinsa kuwa bugawa da tacewa. Ɗanɗanon ɗanyen gari yana nuna dahuwa ba ta isa ba. Fatar da ke kamawa a sama ana hana ta ne da ɗan narkakken bota ko takarda mai maiƙo da aka ɗora a fuskar miyar.

Miyar tumatir ba ta buƙatar dogon bayani. A tsohon tsarin Escoffier ana sa mata ru, amma masu girki da yawa yau suna barinta ta ƙafe ne a wuta har naman tumatirin ya ba ta kauri. Amsa mai kyau ita ce wadda ta ambaci hanyoyin biyu.

Mataki na uku shi ne ka ware holandes daban, domin babu fulawa a cikinta ko kaɗan. Kaurinta yana fitowa ne daga haɗa mai da ruwa, abubuwa biyu da ba sa gauraya da kansu, kuma sinadarin lesitin da ke cikin gwaiduwar ƙwai ne yake riƙe su tare. Ana buga gwaiduwa biyu da ɗan ruwa da binega da aka ƙafar, a cikin kwano da aka ɗora bisa ruwan zafi, har su yi kumfa mai kauri. Sannan a sauke, a riƙa ɗiga narkakken bota mai ɗumi, kimanin giram 200, ana bugawa, a ƙarasa da ruwan lemon tsami da gishiri. Gwaiduwa tana fara daskarewa a wajen digiri 65 zuwa 70, don haka zafi da yawa yana mayar da ita kamar soyayyen ƙwai, wanda ba shi da gyara. Idan kuwa tsinkewa ta yi, mai ya taso sama, dalilin yawanci saurin zuba bota ne ko yawansa. Sai a ɗauki sabuwar gwaiduwa ko cokalin ruwan ɗumi a kwano mai tsabta, a riƙa zuba tsinkakkiyar miyar a kai sannu a hankali ana bugawa.

Daga ƙarshe ka tanadi 'ya ɗaya ga kowace uwa, kana faɗin abin da aka ƙara. Beshamel da cuku ita ce morne. Beluten kaza da kirim ita ce sufrem. Esfanyol da jan romo, wato romon ƙasusuwan da aka gasa, daidai wa daida, aka ƙafar da su zuwa rabi, ita ce demi-gilas. Idan aka gauraya gwaiduwa da kirim aka zuba a belute a ƙarshen dahuwa, an yi amfani da wata hanyar kaurarawa dabam, kuma nan ma ƙa'idar ƙwai tana aiki: a fara zuba ɗan miyar mai zafi a cikin haɗin don ya saba da zafin, sannan a mayar cikin tukunya, kuma kada a bari ta sake tafasa.